Fassarar takardar fitilar sola: gargaɗin da mai fitila za ta yi aiki da shi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kumo. Ƙungiyarmu ta mata ta karɓo fitilun sola za mu raba wa mambobi su riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe irinsu ba. Takardar da ke cikin kwalin Turanci ce zalla, an ce in juya ta zuwa Hausa. Bayanin kunnawa da kashewa bai ba ni wuya ba, shafin gargaɗi ne ya tsaya mini. Yaya zan yi shi ba tare da na rage komai ba, kuma su gane?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki sake buɗe takardar, ki fitar da fitila ɗaya daga kwali ki kai ta gidanki, ki yi amfani da ita kwana biyu ko uku. Ki yi mata caji da hannunki, ki ga irin ɗan hasken da ke kamawa idan caji yana shiga, ki danna madannin ki ƙirga matakan haskenta, ki jona wayar salula ki ga ramin da ke ba ta caji. A aikin fassarar takardun kayan aiki, wannan ne nake fara yi a kullum, domin mai rubuta takardar Turancin yana da abin a gabansa lokacin da yake rubutu, shi ya sa yake barin abubuwa da yawa a dunƙule. Wanda bai riƙe fitilar ba, dunƙulen kawai zai fassara, kuma a Hausa dunƙulen ya fi haɗari.

Abu biyu nake so ki tabbatar a waɗannan kwanakin. Na farko, shin farantin solar, wanda masu shago ke ce wa fanel, manne yake a bayan fitilar, ko kuwa daban yake da doguwar waya? Na biyu, wane irin batir ne a ciki? Za ki ga an rubuta Li-ion ko LiFePO4 a takardar ko a ƙasan fitilar. Duka biyun dangin litiyom ne. Na biyun ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, amma babu wanda ake wasa da shi a cikinsu. Kusan duk abin da ke shafin gargaɗin a kan batirin nan yake: kada ya yi zafi, kada ya shiga wuta, kada ya jiƙe, kada a huda shi. Idan kika riƙe wannan, shafin zai daina yi miki kama da tarin dokoki marasa kai.

Gargaɗin zafi, mataki-mataki

Bari in bi misali ɗaya har ƙarshensa, daga wata fitila mai faranti daban da na yi aiki a kan takardarta. A shafin amfani, Turancin ya ce a ajiye a hasken rana domin caji. A shafin gargaɗi kuma ya ce kada a bar kayan a zafin da ya wuce digiri 45 a ma'aunin Salshiyas. Fassarar da aka miƙo mini in duba ta bi su sau da ƙafa: "A sa a rana domin caji", sannan can baya, "Kada a bijirar da na'urar ga zafin da ya haura digiri 45." Ta fuskar kalmomi babu kuskure a ciki.

Sai aka ba wata baiwar Allah kwalin, 'yarta tana karanta mata. Da aka zo "a sa a rana", ta ɗauki fitilar da farantin gaba ɗaya, ta nannaɗe wayar a jikinsu, ta taka turmi ta ɗora su a kan rufin kwano. Ba laifinta ba ne. Ƙananan fitilun da ta saba gani a kasuwa farantinsu a bayansu yake, dukkansu ake shanyawa. Jimlar ba ta faɗi abin da za a sa a ranar ba, ita kuma ta cike gurbin da abin da ta sani. Gargaɗin digiri 45 kuwa ya wuce ta bayan kunnenta, don babu ma'aunin zafi a gidan, kuma "bijirar da na'ura" ba maganar da ake yi a tsakar gida ba ce.

Ki duba abin da hakan zai jawo a nan ƙasarmu. A watan Maris da Afrilu, zafin iska a Gombe yakan kai kusan digiri 40, kuma a inuwa ake auna shi. Kwanon rufi da tsakar rana ya fi haka nesa ba kusa ba, tafin hannu ma ba ya iya zama a kansa. Batirin litiyom da ake yi wa caji a irin wannan zafi yana saurin tsufa: fitilar da ya kamata ta kai asuba sai ta koma mutuwa tun kafin a gama hira. Idan abin ya ci gaba batirin yana iya kumbura, a wasu lokuta marasa yawa ya kama da wuta. Ita kuma mai fitilar ba ta gama biyan kuɗi ba, za ta ce an sayar mata da jabu.

Ga yadda muka mayar da shi:

"GARGAƊI. Farantin ne kaɗai ake sa wa a rana. Fitilar ta zauna a ɗaki ko a inuwa, a jona su da doguwar wayar. A cikin fitilar akwai batir, kuma zafi yana lalata shi, yana iya sa ya kumbura ko ya kama da wuta. Kada a ɗora fitilar a kan rufin kwano, kada a ajiye ta kusa da murhu, kada a bar ta cikin mota a rufe. Iyakar zafin da take ɗauka digiri 45 ne."

Ya fi na Turancin tsawo, kuma haka ya kamata. Abu uku ne ke cikinsa, su nake nema a kowane gargaɗi: abin da za a yi ko a bari, dalilinsa, da abin da zai faru idan aka saɓa. Dalilin ba ado ba ne. Matar da ta san cewa batir ne ke tsoron zafi za ta gane da kanta cewa gefen tukunyar suyar ƙosai ma ba wurin fitila ba ne, ko da takardar ba ta ambata ba. Wadda aka ce wa "kada" kawai, iyakarta wuraren da aka lissafa mata. Lambar kuma ba mu cire ta ba. Mun tura ta ƙarshe ne, saboda mai gyara ko jami'in kamfani zai neme ta, amma ba ita ce za ta hana a hau rufi da fitila ba.

Ki kuma lura da inda aka ajiye shi. A takardar asali yana shafi na baya, ga umarnin caji a shafi na farko. Mutum yana karanta umarni yana aikatawa nan take, kafin ya isa baya an riga an yi ɓarnar. Saboda haka ki maimaita gajeren gargaɗin daidai wurin da ake bayanin caji, ki bar cikakkensa a shafinsa.

Idan kuwa taku mai faranti a baya ce, to labari ya sha bamban, don dole a shanya ta gaba ɗaya. Nan sai ki bi abin da kamfanin ya rubuta, ki fayyace cewa farantin ne zai kalli sama, a wurin da iska ke kaɗawa, ba a kan ƙarfe mai zafi ba, kuma a ɗauke ta idan ta cika.

Wuta, waya da bola

Kalmomi biyu za su ba ki aiki, don kowacce tana da fuska fiye da ɗaya a wannan takardar. "Wuta" tana nufin ta murhu, tana nufin ta NEPA, tana kuma nufin ɗan hasken da ke kamawa a jikin fitila. Idan kika rubuta "a nisanta ta da wuta", wani zai ɗauka ana hana shi jona ta a soket ne. Ki raba su tun daga farko: wutar murhu ko garwashi, wutar lantarki, ɗan haske ja ko kore. "Waya" ma haka: ki ce wayar farantin, ki ce wayar salula, kada ki taɓa barin ta tsirara. Sunan da kika ba abu a shafin farko shi zai bi shi har ƙarshe. A rubutun zube muna son sauya kalma don kada a gundura, amma a nan in kika ce faranti a sama kika ce fanel a ƙasa, mai karatu zai shiga laluben abu na biyu a cikin kwali. Ki saurari sunan da matan ƙungiyarku ke kiransa da shi, ki ɗauki wannan.

Gargaɗin da ya fi buƙatar tunani shi ne na ranar da fitila ta mutu. Turancin yakan ce kada a jefa batir a wuta, a zubar da shi bisa dokokin yankin, ga kuma hoton kwandon shara mai taya da aka soke da gicciye. An rubuta wannan ne don ƙasashen da ke da wuraren karɓar matattun kayan lantarki. A garuruwanmu babu wanda zai ɗauki batir da gangan ya jefa a murhu. Abin da ke faruwa shi ne a jefa matacciyar fitila a bola, bayan kwana biyu a cinna wa bolar wuta, yara suna tsaye a gefe. Batirin litiyom a cikin wuta fashewa yake yi. Don haka "kada a jefa a wuta" shi kaɗai bai taɓo ainihin hanyar da haɗarin ke bi ba. Abin da zai yi aiki shi ne: "Idan fitilar ta mutu, kada a jefa ta a bola, domin idan aka ƙona bolar batirin zai iya fashewa. Kada a ba yara su yi wasa da ita. A mayar da ita wurin da aka karɓo ta."

Amma jimlar ƙarshen nan alkawari ce, kada ki rubuta ta sai kin tabbatar akwai mai karɓa. Ki tambayi dillalin da ya kawo muku ko yana karɓar matattu. In ba ya karɓa, shugabannin ƙungiya su tsayar da wuri guda, busasshe, mai inuwa, nesa da kicin, inda za a riƙa tara su, sannan ki rubuta sunan wurin.

Haka za ki bi da hanin buɗe fitila. Turancin zai ce kada a kwance ta. Mu kuwa idan abu ya lalace, wurin mai gyaran rediyo ko na waya muke nufa, shi kuma sukundireba zai sa. Ki faɗa a fili cewa har mai gyara bai kamata ya buɗe ta ba matuƙar garanti bai ƙare ba, domin yawancin kamfanoni suna janye garantinsu da zarar an buɗe, kuma tsinin ƙarfe idan ya huda batirin yana iya tayar da wuta. Ki ƙara da alamomin da ido da hanci ke ganewa: jikin fitilar ya kumbura ko bakin haɗinta ya buɗe, tana wari irin na sinadari, ko ta yi zafin da ba a iya riƙe ta. Wadda ta ga haka ta zare wayar farantin, ta fitar da fitilar waje ta ajiye a ƙasa tsura, nesa da zana da ciyawa da kayan sawa, ta sanar da ƙungiya. Kada a kwana da ita a ɗaki.

Maganar ruwa gajeriya ce, sai dai a nan ake yawan yin ƙari. Ki nemi lambar da ta fara da IP. Idan IPX4 ce, fantsamar ruwa kawai take jurewa. Idan IP65 ce, ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa. Babu ɗayansu da ke nufin a tsoma ta a bokiti ko a wanke ta da sabulu. Kada ki rubuta "ruwa ba ya yi mata komai" ko da kwalin ya yi wannan kurin da manyan baƙaƙe. Ki rubuta iyakar abin da lambar ta ba da.

Abin da ba naki ba ne ki taɓa

Na ce ki faɗaɗa, amma akwai iyaka. Lambobi na kamfani ne: awannin caji, awannin haske a kowane mataki, iyakar zafi, tsawon garanti. Idan ya ce awa 8 na rana, ki rubuta awa 8. Kina iya ƙarawa da cewa wannan kamar daga hantsi zuwa la'asar sakaliya ne, a ranar da babu hadari ko hazo, amma lambar ta zauna yadda take. Ni ban ga fitilarku ba, saboda haka digiri 45 da na kawo na waccan fitilar ne, ki bi abin da ke takardarki.

Rubutun da ke jikin fitilar ma ki bar shi yadda yake. Idan an buga IN a wani rami, an buga OUT ko USB a wani, ki kawo su da baƙaƙensu ki yi bayani a gefe: ramin da aka rubuta IN na wayar farantin ne, wanda aka rubuta USB na cajin wayar salula ne. Mai fitila tana gwada abin da ke takarda da abin da ke hannunta ne, ko da ba ta iya Turanci ba tana gane siffar baƙi.

Sai nauyin gargaɗin. Takardun da aka tsara da kyau suna da matakai: mai launin ja na abin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni, mai ruwan lemo na abin da zai iya yin haka, mai rawaya na ƙaramin rauni, mai shuɗi na abin da kayan kawai zai lalata. Nakan ba su HAƊARI, GARGAƊI, HATTARA da LURA, in tsaya a kan haka. Idan kika sa wa komai HAƊARI, har da goge faranti, to ranar da aka zo na gaske babu mai ɗaga kai. Kuma hani ya fito a hani. "Kada a" ita ce kalmar. "Zai fi kyau a guji" ko "ba a so a" ladabi ne, mai sauraro zai ɗauke su shawara. Ki kuma yi amfani da "a", wato a danna, a jona, kada a buɗe, domin "ka" ta bar matan da kike yi wa aikin a waje.

Wani lokaci za ki tarar Turancin kansa bai dace da wurinmu ba. Misali, da yawa suna cewa a fuskantar da faranti kudu. Wannan daidai ne ga ƙasashen da ke can arewa. Mu a Gombe da Bauchi muna wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ratsawa ta ɗan arewa da kanmu. Farantin da aka jingine tsaye yana kallon kudu zai yi asarar rana da damina. Wanda aka kwantar yana kallon sama, da ɗan karkata don ruwa ya gangare, ya fi samu. A irin wannan kada ki goge maganar kamfani ki sa taki a shiru. Ki fassara tasu, ki sa taki a ƙarƙashi da kan magana daban, kamar "Ƙarin bayani daga ƙungiya". Nan ne kuma wurin maganar hunturu, wadda ba lallai takardar ta sani ba: ƙura tana rufe faranti cikin 'yan kwanaki caji ya ragu, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi. Duk abin da kika ƙara, har da rufin kwano da bola, ki nuna wa dillalin ko wakilin kamfanin ya gani kafin a buga. Ni mai fassara ne, hukuncin abin da batir ke ɗauka na masu ƙera shi ne.

Gwaji da hannu

Wasu za su ba ki shawarar a sami wani ya mayar da Hausarki Turanci a gwada da na asali. Yana da amfani wajen kama lambar da ta ɓace ko layin da aka tsallake. Amma "a sa a rana" zai ci wannan jarrabawar lafiya lau, ga shi kuwa shi ya kai fitila kan rufi.

Gwajin da ke tona asiri shi ne ki sami mata huɗu ko biyar da ba su taɓa riƙe fitilar ba, a cikinsu a sami tsohuwa, a sami wadda Hausa ba harshen gidansu ba ce, tunda a yankinku akwai masu Fulatanci da Tangale da Tera da sauransu. Ki ba kowacce kwali a rufe, ita kaɗai. Wadda ba ta karatu a sa yaro ɗan firamare ya karanta mata, don haka za a yi a gida. Ke kuma ki zauna gefe ki kama bakinki, ko kin ga ana shirin yin kuskure. Ki kalli hannu: wane rami ta sa wayar, me ta ɗauka ta nufi waje da shi, a ina yaron ya yi tuntuɓe a karatu. Kada ki tambaya "kin gane?", kunya za ta sa a ce miki e. Ki ce, "Inna, in kika tashi da safe kika ga ta kumbura, me za ki yi?" ko "In ta mutu gaba ɗaya, ina za ki kai ta?" Idan mutum biyu suka yi kuskure a wuri ɗaya, jimlar ce ke da matsala. Ki gyara ta ki gwada da wasu sababbi, domin na farkon sun riga sun san amsa.

Wajen bugawa, ki duba samfurin farko da idonki. Wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu, ko mai buga takardar ya mayar da su k da d da b don ya huta. Baƙaƙen su zama manya yadda za a iya karantawa da hasken fitilar kanta, kuma gargaɗin batir ya samu shafi guda da za a iya liƙawa a bango. Idan akwai masu karatun ajami a cikin mambobi, wannan shafin ɗaya ya cancanci a sami malami ya rubuta shi da ajami. Ranar rabo kuma ki karanta shi da baki a gaban kowa da fitila a hannunki, a naɗi muryar a waya a tura wa waɗanda ba su samu zuwa ba.